Malam Dattijo da Takardar Liyari

Da hantsi, lokacin da masu noman rani suka riga suka jiƙe har gwiwa, za ka hango shi a bakin kanal yana tura keke. Ba ya hawa yanzu, domin idon ya daina rabe rami da inuwa, amma ya ƙi barin keken a gida, wai hannunsa ya saba da riƙe wani abu. Yakan tsaya ya gaisa da masu dashen shinkafa, ya tambayi masu tumatir ko tsutsa ta ɗaga musu ƙafa bana, sannan ya ƙarasa wani ɗan ɗaki mai jan kwano da ke jikin ɗakin karatu na Unguwar Mabuga, tsakanin Kura da Bunkure. Ya buɗe kwaɗo, ya share kashin ƙadangaru, ya goge gilasai da tsumma, ya jawo benci bakin ƙofa ya zauna jiran baƙi. Wata rana su zo, wata rana ya tashi da azahar ba wanda ya leƙo sai akuya.

Wannan shi ne Malam Dattijo, tsohon malamin firamare, mai kula da ɗakin tarihin garinmu tun ranar da ƙungiyar ci gaban gari ta buɗe shi. A ƙarshen watan nan zai miƙa makulli, ido ya ce ya isa. Na san ba za a kafa rumfa ba, ba za a yanka ko kaza ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, tun da ni ma na fara gajiya da jiran wani ya rubuta.

Ni malamin gona ne. Aikina ya sa na karanta alluna iri-iri a bakin gonaki: allon da ya ce an yashe kanal alhali kainuwa ta shaƙe shi, allon da ya ce an gama rijiya alhali ko rami babu. Har na kai matsayin da in na ga rubutu a jikin allo sai in kau da kai. A ɗakin Malam Dattijo ne kaɗai nake karanta abu in yarda da shi, kuma ba don ɗakin ya ƙayatar ba. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: tsohuwar muciyar marina, dungun itacen da ake bugun tufafi a kai, wata garma irin ta da, tulin kuɗin wuri a cikin ƙwarya, da hotunan ranar da aka fara sako ruwan madatsar Tiga. Abin da ya riƙe ni shi ne 'yan takardun da yake mannawa a gefen kowane kaya.

Yana da dokokinsa a kan waɗannan takardu, kuma ba ya sassauta su ko don wa. Layin farko sunan abin ne kawai, da manyan baƙaƙe. Bayanin kada ya wuce abin da mutum zai karanta a tsaye, kaya a kansa, kafin wuyansa ya gaji. A fara da abin da ido ke gani, a bi da inda ya fito, a ƙare da abin da ya haɗa shi da mu. A rubuta da boko a sama, ajami a ƙasa, don dattawan da ba su yi boko ba. A manna daidai ƙirjin babba, yadda yaro ma zai iya ɗaga kai ya gani. Abin da aka tabbatar a faɗe shi kai tsaye, abin da aka ji a bakin mutane a sa masa "an ce", abin da ba a sani ba a rubuta cewa ba a sani ba. Kafin ya manna kowace takarda kuma, sai ya ɗauke ta ya kai wa Ummulkhairi, wata mata mai turara shinkafa a bayan ɗakin, ya karanta mata tana tsaye a bakin tukunya. In ta ce, "Me ke nan kuma?" to takarda ta faɗi jarrabawa, sai a koma a sake.

Shekarar da ta wuce ne aka kawo masa abin da ya fi kowane kaya a ɗakin daraja. Alhaji Badamasi ne ya kawo, abokinsa tun suna yara, wanda gonakinsu ke shan ruwa a bakin kwalbati ɗaya. Gidan su Alhaji Badamasi gidan marina ne tun kaka da kakanni. Rijiyoyinsu na baba, wato ruwan rini, yanzu duk an cike su, an yi shagon cajin waya a kan wasu. Ya zo da wani ƙullin tsumma, ya kwance a hankali, sai ga liyari, wato tsohon kuɗin azurfar nan mai faɗi da nauyi da iyayenmu mata suke ɓoyewa a ƙasan adudu. Gefe ɗaya hoton wata mata ce mai lulluɓi, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu, a bakin da'irar kuma an rubuta 1780.

"Ka gani da idonka, Dattijo," in ji Alhaji Badamasi. "Baba ya ce kakan kakansa ne ya karɓe shi a hannun wani Buzu, kuɗin turkudi. Ga shekarar nan a jiki, ba ni na rubuta ba. Na ba ku aro a ajiye, amma ka rubuta yadda kowa zai san tun yaushe gidanmu yake rini a garin nan."

Malam Dattijo ya karɓa da hannu biyu. Waɗanda suke wurin sun ce har ƙwalla ta taru masa, domin ya daɗe yana fatan ɗakin ya sami abu guda da zai sa mutum ya taso daga Kadawa ko Garun Malam don ya gani. Ya ƙi yarda a goge shi da toka da lemon tsami kamar yadda wani ya ba da shawara, ya ce dattin shekaru ma bayani ne. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a cikin akwatin gilashi, ya ɗora liyarin a tsaye a kan ɗan tsinke, ya sa madubin babur a bayansa don mai kallo ya ga fuska biyun ba tare da ya taɓa ba. Sai ya shiga Kano neman bayani, yana hawa motar haya yana sauka, da madubin ƙara girman rubutu a aljihu. Ya zauna a ɗakin karatu, ya tambayi masana, ya kuma je wurin tsofaffin maƙeran farfaru da suka sha narka irinsa su yi awarwaro.

Abin da ya dawo da shi bai yi masa daɗi ba. Na same shi a kan benci ya yi tagumi, ya ce mini, "Malam, shekarar nan ba ta liyarin ba ce, ta matar ce."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Matar sunanta Mariya Tereza, ta mulki Austiriya da wasu ƙasashen Turai shekara arba'in, ta rasu a 1780. Kuɗin da aka buga da hotonta sun karɓu a wurin fataken Larabawa da na Afirka saboda azurfarsu ba ta da ha'inci, nauyinsu kuma ba ya canzawa. Fatake sun haddace kamannin kuɗin har suna shafa 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar matar da yatsa don su gane na gaske. Da ta rasu, sai aka ga in an sauya hoto ko shekara ba za su karɓa ba. Shi ke nan aka ci gaba da buga shi yadda yake, da 1780 ɗin nan, shekara bayan shekara, har cikin ƙarnin da ya wuce, ba a Austiriya kaɗai ba, har a Landan da Rum da Bombai. Liyarin da aka buga zamanin kakan kakanka da wanda aka buga zamanin ubanka duk shekara ɗaya ce a jikinsu. Masana na iya kusantar lokacin ta wasu ƙananan alamomi, amma na Alhaji Badamasi ya sha hannu har sun shafe, ba wanda ya yarda ya yanke hukunci a kansa.

"To ka rubuta mana haka," na ce masa.

"Zan rubuta," ya ce. "Badamasi nake ji. Abin da ya rage musu ke nan."

Daga nan aka shiga wahalar rubutu. Na ga takardun da ya yayyaga sun cika kwandon shara. A ta farko ya jero ƙasashen da sarauniyar ta mulka kamar yadda aka taƙaita su a jikin kuɗin. Ummulkhairi ta saurara ta ce, "Malam, duk waɗannan garuruwan ina ruwana da su? Ni dai wace ce matar, me ya kawo ta Kura?" Ya soke su, ya bar ɗaya. A ta biyu ya sa nauyin kuɗin, giram ashirin da takwas, da cewa kashi biyar cikin shida azurfa ce. Ya sa kuma abin da wani matafiyi Bajamushe ya rubuta, cewa wajen shekarar 1851 liyari ɗaya a Kano yana canzuwa da wuri kamar dubu biyu da ɗari biyar. Wannan ya burge Ummulkhairi, ta ce, "Ashe shi ya sa suke son sa, wa zai ɗauki buhun wuri ya haye Sahara?" Amma takardar ta yi tsawo, sai ya cire nauyin, ya mayar da zancen wuri gefen ƙwaryar wuri inda ya fi dacewa. Ya yi ta juya maganar sarakuna. Mutane za su zaci wani sarkin Kano ne ya buga kuɗin, alhali sarakunanmu ba su buga kuɗi da sunansu ba. A 1780 Dauda Abasama ne ke sarautar Kano, amma in aka rubuta sunansa kusa da liyarin kowa zai ɗauka a zamaninsa ya zo. Cinikin turkudi da rawani ɗan Kura zuwa Azbin da bayanta ya fi bunƙasa ne bayan jihadi, sai ya zaɓi sarakunan wancan zamanin. Hanyar ma ya taƙaita: daga Turai ta jirgin ruwa zuwa Tarabulus, daga can raƙuma ta Agadas zuwa Kano, duk ya dunƙule su a jimla ɗaya.

Ga abin da ya tsira a ƙarshe, na kwafo shi yadda yake:

LIYARI. Kuɗin azurfa ne daga Austiriya, wata ƙasa a Turai. Matar da ke jiki sarauniyarsu ce, Mariya Tereza. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar, domin fatake ba sa karɓar wanda aka sauya. Saboda haka ba mu san shekarar da aka buga wannan ba. Raƙuma ne suka ƙetaro da irinsa Sahara, aka sayi turkudin Kura da shi, musamman zamanin sarakunan Kano irin su Dabo da Abdullahi Maje Karofi. Iyalan gidan Alhaji Badamasi sun ce kakansu marini ya karɓe shi a hannun wani Buzu.

Ummulkhairi ta ji, ta juya shinkafarta, ta ce, "Yanzu na gane. Matar ta mutu, kuɗinta bai mutu ba." Takarda ta ci jarrabawa.

Wani da ba Malam Dattijo ba sai ya manna kawai, ya bari abokinsa ya gani a bainar jama'a. Shi kuwa sai ya naɗe takardar ya tafi da ita gona, ya sami Alhaji Badamasi yana ba albasa ruwa, ya karanta masa a bakin kunya. Lukmanu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasu, shi ya ba ni labarin yadda aka yi.

"Maimaita wurin nan," in ji Alhaji Badamasi.

"Ba mu san shekarar da aka buga wannan ba."

"Ba ku sani ba? Ga ta a rubuce! Ko idon naka ne har ya kai haka?"

"Idon ya tafi, Badamasi, amma ba shi ne ba. Duk liyarin da za ka gani irin wannan, haka aka rubuta masa."

"Kuma 'sun ce'. Mu ne muka ce? Wato Baba ƙarya ya yi mini ke nan."

"Subhanallahi. Baba bai yi ƙarya ba. Wataƙila ma gidanku ya girmi shekarar. Kuɗin ne dai ba zai iya ba da shaida ba, ni kuma ba zan sa shi ya faɗi abin da bai sani ba."

"Layi ɗaya ne fa, Dattijo. Ka cire shi kawai. Ba na ce ka ƙara komai ba, ka yi shiru a wurin. Wa zai sani?"

"Yara za su karanta 1780 su tafi da ita a ka. In na yi shiru, na rubuta ke nan."

Lukmanu ya ce Alhaji Badamasi ya dubi ruwa yana bin kunya, ya ce, "To, ko layin ko liyarin. Ka zaɓa."

Ba na son kowa ya karanta wannan ya ɗauki Alhaji Badamasi mutumin banza. Mutum ne da ya ga an cike rijiyoyin ubansa da shara, ya ga 'ya'yansa ba wanda ya san warin baba, kuma ya riga ya faɗa a majalisa, a gaban surukai, cewa gidansu na rini tun 1780. Ni kaina na je na roƙi Malam Dattijo ya nemi wata dabara. 'Yan ƙungiya ma sun zo, suka ce an riga an gaya wa makarantu su kawo ɗalibai, kada ya zubar da abin da aka samu da ƙyar saboda jimla ɗaya. Ya saurare mu duka, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce a gajiye, "Na ji. In kun sami wanda zai rubuta, ga alƙalami. Ni dai hannuna ba zai iya ba." Ba wanda ya ɗauki alƙalamin.

Ya manna takardar. Washegari Alhaji Badamasi ya zo da tsummansa. Malam Dattijo da kansa ya buɗe gilashin, ya ɗauko liyarin, ya miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya karɓa, ya ce, "Mun gode da aro." Alhaji Badamasi ya ƙulle shi a tsummansa ya fita. Tun daga ranar ba ya tsayawa su gaisa a bakin kwalbati, in ya hango keke sai ya duƙa ya shiga gyaran kunya.

Kai ne, Malam Dattijo, ka zauna gadin akwatin da babu komai a ciki sai baƙin ƙyalle. Kai ne ɗalibai suka zo a motoci daga Dawakin Kudu, suka leƙa gilashi suka tambaye ka ina kuɗin, ka ce masu shi sun buƙaci abinsu. Ban taɓa jin ka aibata abokinka ba, ko sau ɗaya, ko da muna mu biyu. Na ga yadda ka rame a wannan rani, na kuma san ba ciwon ido kaɗai ba ne. Dutse a bakin kanal, ruwa ya bi ta kanka ya wuce, kana nan inda aka bar ka.

'Yan ƙungiya suka ce a cire takardar tun da ba abin da take bayani. Malam Dattijo ya ce a ba shi lokaci kaɗan. Ya jawo ta kusa da hancinsa, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da rubutunsa da ya fara karkacewa, boko da ajami: "Liyarin yana hannun masu shi, gidan Alhaji Badamasi, tsohon gidan marina. Ku yi sallama ku nemi izinin gani."

Na ɗauka tsokana ce, na ce masa zai ƙara hura wuta. Ya ce, "A'a. Yara sun zo ganin abu, abin kuma yana nan a garin. Badamasi ma yana da labarin da ya fi nawa daɗi."

Haka kuwa aka yi. Baƙi suka riƙa karanta takarda a ɗakin tarihi, su bi lungu su yi sallama a zauren Alhaji Badamasi. Da farko yakan aiko a ce ba ya nan. Daga baya ya fara fitowa. Kwanan baya na raka wata malama mai suna Aziza da 'yan ajinta, don in gani da idona. Alhaji Badamasi ya shimfiɗa musu tabarma, ya kwance tsumma, ya ba su labarin rijiyoyin baba, da yadda ake bugun turkudi har ya yi ƙyalli, da Buzayen da ke sauka da raƙuma a bayan gari. Ya yi magana kamar wanda aka daɗe ba a tambaye shi komai ba. Can wata ɗaliba ta nuna lambar da ke jikin kuɗin ta ce, "Baba Alhaji, to a wannan shekarar ne kakanku ya karɓa?"

Alhaji Badamasi ya dubi lambar. Ya juya liyarin a tafin hannunsa, ya sake juyawa.

"Wannan shekarar da matar ta rasu ce," ya ce. "Sauran ku tambayi Dattijo. Shi ba ya faɗin abin da bai sani ba."

Bai mayar da liyarin ba, kuma har yau da nake wannan rubutu bai je ya gaishe shi ba. Da na kai wa Malam Dattijo labarin abin da na ji, sai ya juya fuskarsa wajen bango, sannan ya tambaye ni ko ruwa ya iso layin gonakinmu.

Malam, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka wannan ido, ya sa abin da ka koya wa yaran garin nan ya zame maka haske ranar da ido ba ya amfani. Ku kuma da za ku karɓi makullin, da mu duka masu rubuta wani abu don jama'a su karanta, ko allon gona ne ko takardar asibiti, ga misali nan a gabanmu, ba sai mun je nesa ba. Wurin da ba mu sani ba mu rubuta ba mu sani ba, ko da za a zo a ɗauke abin da ke cikin gilashin.

Kai kuma Alhaji Badamasi, na san za a karanta maka wannan. Abin da ka faɗa a zaurenka, a gabansa ya kamata ka faɗa. Ƙarshen wata zai miƙa makulli, kuma in ka zo sai ka yi magana, domin ba zai gane ka daga nesa ba.